Kwana 78 ana bin cikon kuɗin zane: yadda wasiƙa mai shafi ɗaya ta karɓo shi

## Yadda aikin ya soma, Janairu

Matar da wannan bayani ya shafa tana zane ne da kwamfuta, kuma kanta take yi wa aiki, ba ta ƙarƙashin kowane kamfani. Wani ƙaramin kamfani mai haɗa sabulun ruwa da kayan goge-goge ya nemi ta yi masa abu uku: sabon tambari, da zanen takardun da ake mannawa a jikin robobin kayansa guda uku, da ɗan littafi mai bayyana launuka da rubutun da kamfanin zai riƙa amfani da su. Domin lissafi ya zo da sauƙi, a nan za a ɗauki jimlar kuɗin aikin a matsayin 10,000, a kowane irin kuɗi mai karatu ya ga dama.

Ranar 6 ga Janairu aka sa hannu a yarjejeniya mai shafi biyu. Daraktan kamfanin ne ya sa hannu, amma tun daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, domin duk wata magana ta yau da kullum da manajan talla ake yin ta. Sassa huɗu na yarjejeniyar su ne suka yi aiki daga baya. Sashe na 3 ya raba biya gida uku: kafin alƙalami kashi 40 cikin ɗari, sai kashi 30 idan an amince da tambari, sai cikon kashi 30 idan an amince da aikin baki ɗaya. Sashe na 4 ya ce za a biya kowace takardar kuɗi cikin kwana 14, in kuwa aka wuce, akwai tarar jinkiri ta kashi 1.5 cikin ɗari a kan kowane cikakken wata. Sashe na 6 ya ba kamfanin kwana bakwai bayan miƙa aiki ya kawo ƙorafi a rubuce. Sashe na 7 kuma ya ce haƙƙin mallakar zanen yana hannun mai zane har sai kuɗin ya shigo gaba ɗaya.

Kafin alƙalami na 4,000 ya shigo ranar 9 ga Janairu ba tare da an tuna wa kowa ba. Kashi na biyu kuwa, wanda ta nema ranar 10 ga Fabrairu, ya kamata ya shigo ranar 24, amma sai 3 ga Maris ya iso. Mako ɗaya ne kawai, ba ta ce komai ba, ba ta kuma nemi tara ba.

## Miƙa aiki, 18 zuwa 20 ga Maris

Ranar 18 ga Maris manajan ya aiko imel mai layi biyu: "Malama, kowa ya gani ya yaba. An amince da duka, a shirya mana na ɗab'i." Kwana biyu bayan haka ya kira ta a waya cikin gaggawa, ya ce maɗaba'a ta ba su gurbi a wannan makon, in suka rasa shi sai bayan wata guda. Ya roƙi ta turo fayil ɗin a ranar, ya ce batun ciko kada ta damu, takardar tana isa wurin akanta za a fitar.

Ta tura komai: PDF na ɗab'i, da tambarin a SVG da PNG, har da asalin fayil ɗin AI, wato na manhajar zane ta Adobe Illustrator, waɗanda ake iya buɗewa a sauya duk abin da aka so. A al'adar sana'ar, waɗannan na ƙarshe su ake riƙewa sai kuɗi ya cika, kafin nan hoto mai ƙarancin kaifi ko mai alamar mai zane a samansa ake nuna wa mai aiki. Tare da fayil ɗin ta haɗa takardar kuɗi ta uku, ta 3,000, wadda wa'adinta zai cika ranar 3 ga Afrilu.

Akwai wani abu da ya faru a wannan tsakanin wanda ba ya cikin kowace takarda. A cikin wayar nan manajan ya ce sun ƙaro kaya na huɗu, ko za ta ɗan sauya launi da suna ta fitar musu da tasa takardar, tunda ai tsarin ɗaya ne. Ta yi, ya ci mata yini guda da rabi. Ba su yi maganar kuɗinsa ba, ita tana ganin za a daidaita daga baya, shi kuma Allah kaɗai ya san abin da yake gani.

## Tuni da lallashi, 4 zuwa 25 ga Afrilu

Wa'adi ya wuce shiru. Ranar 4 ga Afrilu ta aika wa manajan saƙo mai laushi, ta ce ko an manta ne. Ya amsa da cewa yana kai. Ranar 11 ta sake aikawa, ta fara da ban haƙuri a kan damunsa da take yi. Ba amsa. Ranar 22 ta aika na uku, ta ambaci cewa ita ma akwai masu bin ta. Ranar 25 ta same shi a waya, ya ce akanta ya yi tafiya, amma da zarar ya dawo nata ne na farko.

Saƙonnin nan uku duk wurin mutum ɗaya suka je, wanda ba shi ne ya sa hannu a yarjejeniya ba, ba kuma shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki lambar takardar kuɗin, ko adadin, ko ranar da take son a biya. "Don Allah a duba min" ita ce jimlar da ta maimaitu a dukkansu.

## Saƙon fushi da abin da ya jawo, 2 zuwa 7 ga Mayu

Ranar 2 ga Mayu ta ga kayan a kan kanta ana sayarwa, robobi huɗu a jere, kowace da zanenta a jiki, har da ta huɗun da ba a yi cinikinta ba. Ta ɗauki hoto. Kwana uku ta yi tana haɗiye abin, ranar 5 da dare ta rubuta wa manajan dogon saƙo. Ta kira abin da suka yi da sata da yaudara. Ta ce in ba ta ga kuɗinta cikin awa 48 ba za ta watsa sunansu ga duniya kowa ya san halinsu, kuma lauyanta zai neme su. A lokacin ba ta da lauya, ba ta ma san nawa ake biyan lauya ya rubuta takarda ba.

Awa 48 suka cika, amsa ta zo, amma ba irin wadda take jira ba. Manajan da ya yi wata guda yana kunnen uwar shegu ya rubuto sakin layi biyar. A karon farko ya ce aikin yana da matsala: koren da ya fito a jikin robobin ya dushe, bai yi kama da wanda suka gani a kwamfuta ba, kuma hakan ya jawo musu asara. Ya ce kalmar sata ɓata suna ce, sun ajiye saƙon nata. Daga ƙarshe ya ce saboda mutunci za su iya biyan 1,500 a rufe maganar har abada.

Da safiyar 5 ga Mayu bashi ne da ba wanda ya musanta. Da yammacin 7 ga Mayu ya zama bashin da ake jayayya a kansa, ga kuma rubutunta a hannunsu.

## Haɗa hujjoji, 8 zuwa 19 ga Mayu

Ba ta amsa tayin ba. Ta zauna ta jera duk abin da ke hannunta bisa kwanan wata: yarjejeniya, takardun kuɗi uku, shaidar shigowar biya biyu daga banki, imel ɗin amincewa na 18 ga Maris, imel ɗin da ya raka fayil ranar 20, saƙonnin tuni, hotunan kaya a kanta, da saƙonta na fushi, wanda ta so ta cire amma ta bari. Sannan ta biya kuɗin zama na awa ɗaya da lauya mai harkar kwangiloli. Abu biyar suka fito daga wannan zama da kuma binciken da ta yi bayansa, kuma ba dukkansu ne suka yi mata daɗi ba.

Da farko lauyan ya ɗora yatsa a saman takardar kuɗin. Sunan da ke jikin kaya ta rubuta, wato sunan kasuwa, alhali kamfanin da ya yi rajista, wanda sunansa ke cikin yarjejeniya, wani suna ne daban. A wurin shari'a wanda ake bi bashi shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniya, kuma ƙara da aka shigar da sunan da ba na kowa ba tana iya faɗuwa ko ta ja dogon gyara. A ofishin akanta ma takardar da ba ta ɗauke da sunan kamfani na rajista tana iya kwana a tire ba wanda ya taɓa ta. Ta duba rajistar kamfanoni ta hukuma, ta samo cikakken sunan da adireshin ofishin da aka yi rajista da shi, wanda ya bambanta da inda manajan yake zama.

Sai batun koren da ya dushe, wanda ya fi tayar mata da hankali domin ya taɓa sana'arta. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada huɗun nan ba sa iya kaiwa gare su. Takardar da aka buga a kai ita ma tana da tasiri, domin marar sheƙi tana shan tawada, launi ya fito a dushe. Shi ya sa ake buga samfurin gwaji a kan ainihin takardar kafin a saki injin. Da ta koma kan imel ɗinta na 20 ga Maris, ta tarar ta rubuta lambar Pantone ta koren, wato lambar da maɗaba'a ke gane ainihin launi da ita, da adadin CMYK da ya fi kusa da shi, da kuma jimla ɗaya tana cewa a nemi samfurin gwaji daga maɗaba'a a nuna mata kafin a buga da yawa. Ba wanda ya nuna mata komai. Ƙari a kan haka, kwana bakwai na sashe na 6 sun ƙare tun 27 ga Maris, ƙorafin kuwa sai 7 ga Mayu ya fito, kwana 48 bayan miƙa aiki, kuma bayan an cika kasuwa da kayan.

Na uku shi ne haƙƙin mallaka. A ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya ke ciki, haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai ƙirƙira da zarar ya yi aikin, ba sai ya yi rajista ba. Wanda ya ba mai zaman kansa aiki, a dokokin ƙasashe da dama, ba ya zama mai haƙƙin don kawai ya biya kuɗi, sai an miƙa masa a rubuce da sa hannu. Sashe na 7 ya ƙara ɗaure wannan. Amma lauyan ya ja mata birki: ita da hannunta ta tura fayil ɗin ɗab'i tana sane da cewa bugawa za a yi, don haka kamfanin zai iya cewa ta ba shi izinin amfani ko da ba ta furta ba. Saboda haka kada wasiƙar ta zarge su da keta haƙƙi a kan abin da ya wuce. Abin da za ta iya faɗa da gaba gaɗi shi ne tambarin bai zama nasu ba tukuna, kuma izinin da ta bayar an gina shi ne a kan za a biya.

Na huɗu, takardar kaya ta huɗu. Babu farashi a rubuce, babu ma saƙon da ya nuna an nema. Ana iya neman ladan da ya dace da aikin, amma wannan magana ce da sai an yi ta ja-in-ja. Shawarar da aka ba ta ita ce kada ta cakuɗa bashin da ke da hujja tsaf da wanda ba shi da ita, domin mai neman hanyar zillewa wurin da ya fi rauni zai kama ya yi ta jayayya, ya bar sauran. Ta ambace shi a layi ɗaya ta wuce.

Na biyar, tara. Sashe na 4 cikakken wata ya ce, ba kwanaki ba. Kashi 1.5 cikin ɗari na 3,000 shi ne 45. Daga 3 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu wata ɗaya ya cika, na biyu sai 3 ga Yuni. Don haka 45 kawai za ta iya nema a ranar da take rubutu, ba 90 da ta ƙiyasta da ka ba. Ta ci sa'a yarjejeniyarta ta faɗi adadi, domin wanda bai rubuta ba ba ya ƙirƙiro tara daga baya, sai abin da dokar wurinsa ta tanada. Wasu wurare sun tanada: dokar Birtaniya ta 1998 a kan jinkirin biyan bashin kasuwanci ta ba da kuɗin ruwa na kashi 8 cikin ɗari a saman ma'aunin babban bankin ƙasar, Tarayyar Turai kuma ta yi umarni makamancin haka a 2011. Inda babu irin wannan, sai a nemi uwar kuɗin kawai a bar wa kotu sauran.

Kafin ta rubuta kalma ɗaya, ta je ta tambayo ƙa'idar kotun ƙananan basussuka ta yankin: iyakar kuɗin da take saurare, kuɗin shigar da ƙara, da ko mutum zai iya tsayawa ba lauya. Adadinta ya shiga cikin iyakar. Ta karɓo fom ta cike shi ta ajiye, saura kwanan wata da sa hannu.

## Wasiƙar, 20 ga Mayu

Rubutun farko shafi uku ya kai, yana ba da labarin dare nawa ta yi ba barci a kan aikin. Na ƙarshe ya dawo shafi ɗaya. A sama akwai sunanta da adireshinta, kwanan wata, cikakken sunan kamfanin na rajista da adireshinsa, sannan wannan:

"Zuwa ga Darakta,

Neman biyan bashi: takardar kuɗi mai lamba 3, adadi 3,045

Ranka ya daɗe, ranar 6 ga Janairu kamfaninku ya ƙulla yarjejeniya da ni a kan zanen tambari, takardun kaya uku da littafin ƙa'idar launi, a kan jimlar 10,000. An biya 7,000. Manajan tallanku ya amince da aikin a rubuce ranar 18 ga Maris, na kuma miƙa shi ranar 20 ga Maris tare da takardar kuɗi ta ciko, 3,000, wadda wa'adinta ya cika ranar 3 ga Afrilu. Yau kwana 47 ke nan ba a biya ba. Bisa sashe na 4, tarar wata ɗaya ita ce 45. Abin da nake bi a yau 3,045 ne.

Ranar 7 ga Mayu an kawo ƙorafi a kan launin da ya fito daga maɗaba'a. Imel ɗina na 20 ga Maris ya ba da lambobin launin, ya kuma nemi a nuna min samfurin gwaji kafin ɗab'i, ba a nuna min ba. Wa'adin ƙorafi na sashe na 6 ya ƙare ranar 27 ga Maris. Ban karɓi tayin 1,500 ba. In akwai wata hujja da ban gani ba, a aiko min da ita a rubuce kafin ranar da ke ƙasa.

Ina neman a biya 3,045 cikin asusun da ke jikin takardar kuɗin zuwa ƙarshen ranar 3 ga Yuni. In ba a biya ba, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka ba tare da wata sanarwa ba, in nemi uwar kuɗin, da tara, da kuɗin ƙara. Ina kuma tunatar da ku cewa bisa sashe na 7 haƙƙin mallakar zanen yana hannuna har sai an gama biya, kuma izinin amfani da na bayar ya dogara ne a kan biyan.

Wannan wasiƙa ba ta shafi takardar kaya ta huɗu ba, wadda zan yi maganarta daban. Kalaman da na yi amfani da su a saƙona na 5 ga Mayu na janye su, wannan wasiƙa ita ce matsayina.

Na haɗa kwafin yarjejeniya, takardar kuɗi da aka gyara sunan kamfani a kanta, da imel na 18 da 20 ga Maris.

Na gode."

Wasu abubuwa ba sa cikin wasiƙar, kuma da gangan aka bar su. Ba ta ambaci 'yan sanda ba, domin rashin biyan kuɗin kwangila magana ce tsakanin mutum da mutum, kuma yi wa wani barazana da kamu don ya biya bashi na iya juyewa ya zama laifi a kan mai barazanar. Ba ta sake maganar tona asiri ba. Ba ta kuma sa mata alamar nan da lauyoyi ke sa wa takardun sulhu don kada a gabatar da su a kotu ba, tunda wannan wasiƙa an rubuta ta ne da niyyar alƙali ya karanta in ta kama. Wa'adin ma rana ce takamaimai, ba "cikin mako biyu" ba, wanda za a iya tambayar daga yaushe aka fara ƙirga shi. Kwana 14 ta bayar domin kada a ce ba ta ba da sarari ba, ranar kuma ta faɗo daidai da ranar da tarar wata na biyu za ta hau.

Hanya biyu ta bi wajen aikawa. Ta ba kamfanin kai saƙo kwafin takarda zuwa ofishin rajista, aka sa hannun karɓa ranar 21 ga Mayu, ta ajiye shaidar. Ta kuma tura PDF ta imel ga daraktan, ta sa akanta da manajan a kwafi.

## Amsa da biya, 27 ga Mayu zuwa 20 ga Yuni

Kwana shida shiru. A cikinsu ba ta kira kowa ba, ba ta aika tuni ba, duk da hannunta ya sha kai wa waya.

Ranar 27 ga Mayu daraktan da kansa ya kira. Ya ce shi bai san ana bin su wannan kuɗi ba, an dai gaya masa akwai 'yar matsala da mai zane. Ko gaskiya ne ko gyaran fuska, ba ta bi diddigi ba. Bai tsaya a kan maganar kore ba ko minti ɗaya. Tambayar da ya maimaita sau biyu ita ce ta sashe na 7, domin kamfanin yana shirin yi wa tambarin rajista a matsayin alamar kasuwanci, wanda ke yi musu aikin kuma ya nemi takardar da ke nuna zanen nasu ne. Sannan ya ce, "Malama, a bar shi a 2,000 yau ɗin nan, kowa ya huta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 2,000 zan karɓa a matsayin wani ɓangare, amma ba a matsayin rufe magana ba. Duk abin da muka tsayar kuma ina so ya zama a rubuce kafin kuɗi ya motsa." Dalilin wannan shi ne, kuɗin da aka turo da sharaɗin cewa shi ne biyan ƙarshe, in mutum ya karɓa ya yi shiru, ana iya kafa masa hujja da shi cewa ya yafe sauran. Yadda kotuna ke kallon hakan ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma layi ɗaya a rubuce yana toshe ƙofar tun kafin a je can.

Ranar 29 ga Mayu suka tsayar da magana ta imel, daraktan ya amsa da cewa ya amince. Kamfanin ya yarda ana bin sa 3,000. Zai biya 2,000 zuwa 3 ga Yuni, 1,000 zuwa 17 ga Yuni. In an cika ranakun biyu ta yafe tara, in aka saɓa ɗaya duk abin da ya rage ya zama na biya nan take tare da tarar. Za ta sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka cikin kwana biyu bayan biya na ƙarshe, kuma takardar za ta haɗa da zane na huɗu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan na ƙarshe shi daraktan ya nema a madadin janye ƙorafin launi, ta yarda.

Kashi na farko ya shigo ranar 3 ga Yuni da rana. Ranar 17 ta wuce ba na biyu. Washegari ta aika wa daraktan da akanta layi biyu, ta kawo sharaɗin 29 ga Mayu, ta ce fom ɗin kotu yana nan a cike. Ranar 20 ga Yuni 1,000 ya shigo, babu tara a kai. Tana da ikon neman 90, ba ta nema ba. Ranar 22 ta aika takardar miƙa haƙƙi da sa hannunta. Daga 3 ga Afrilu zuwa 20 ga Yuni kwana 78 ne.

## Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

A ganina babban abin da wasiƙar ta yi shi ne sauya mai karatu. Mako bakwai ana magana da mutumin da ba ya iya fitar da kuɗi, wanda kuma yake da dalilin ɓoye maganar, tunda shi ne ya tsallake samfurin gwaji don gaggawa. Duk saƙon da ya je wurinsa, mai laushi ko mai zafi, a wurinsa yake mutuwa. Da takardar kuɗin ta tafi wurin akanta da sunan kamfani na gaskiya tun 20 ga Maris, da tunin 11 ga Afrilu ya je wa daraktan, mai yiwuwa ne da ba a kai ga wasiƙa ba sam.

Sai kuma yadda ta sauƙaƙa wa daraktan yanke hukunci. A minti biyu zai ga nawa ne, daga ina adadin ya fito, me aka ce a kan ƙorafin ma'aikacinsa, da abin da zai faru ranar 4 ga Yuni. Saƙon 5 ga Mayu ya yi barazana biyu, ɗaya ba ta da halin aiwatarwa, ɗayar kuma in ta aiwatar ita za ta kwana a ciki. Wasiƙar 20 ga Mayu ɗaya ta yi, fom ɗinta na kan tebur. Shi ya sa ta iya yin shiru na kwana shida, shi ya sa kuma muryarta ba ta yi rawa ba da aka ce a bar shi a 2,000.

Duk da haka bai kamata a ba wasiƙar yabon da ba nata ba. Ƙarfinta daga takardun da suka riga ta yake: sashe na 6 da na 7, imel mai layi biyu na 18 ga Maris, da jimla ɗaya a kan samfurin gwaji wadda ita kanta ta manta ta rubuta. Akwai kuma sa'a, domin ba ta san da shirin rajistar tambari ba, kuma shi ne ya sa sashe na 7 ya yi nauyi a idon daraktan. Kamfanin ma yana da kuɗin biya. Da karyewa yake yi, da wasiƙa mafi kyau ba za ta fitar da komai ba, da hukuncin kotu ma takarda ce za ta riƙe tana neman abin da za a kama.

Lissafin ƙarshe bai cika ba. Ta karɓi 3,000 ɗinta, ta bar tarar 90, ta bar ladan yini ɗaya da rabi na zane na huɗu, ta biya lauya da mai kai saƙo daga aljihunta, kuma kamfanin bai sake ba ta aiki ba. Na fi jin zafin batun zane na huɗun, domin saƙo ɗaya bayan wayar 20 ga Maris, mai cewa ga abin da ka nema ga kuɗinsa, da ya isa ya mayar da shi bashi.

A yarjejeniyar da take ba masu aiki yanzu ta ƙara gurbi biyu a shafin farko, ɗaya na cikakken sunan kamfani kamar yadda yake a rajista, ɗaya na suna da imel ɗin wanda ke biyan kuɗi. Ciko ya sauka daga kashi 30 zuwa 20. Mai gaggawar ɗab'i tana tura masa PDF na abin da za a buga kaɗai, asalin fayil ɗin AI kuwa sai banki ya sanar da ita kuɗi ya shigo.